Kwanakin Jira

Na-Baya ake ce masa a aji, don tun shekarar farko kujerar ƙarshe ta jikin taga ce wurinsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga hannu. Ba wai ba ya ganewa ba ne. Shi dai idan abu ya shige masa duhu ya gwammace ya yi ta juya shi a kai har ya gaji da ya buɗe baki a gaban mutane. A haka ya lallaɓo har shekarar ƙarshe a sashen nazarin saye da ajiyar kaya, bai taɓa faɗuwa ba, bai kuma taɓa yin fice ba.

Furojet ɗin ƙarshe ne ya hana shi zama. Dakta, malamar da ke duba aikin ajin nasu, ta raba musu takarda mai shafi biyu. Kowane ɗalibi zai nemi shago ko sito na gaske, ya ɗauki bayanan wurin na shekara guda, ya raba kayan zuwa rukuni uku bisa darajar abin da ke fita a shekara, sannan kowane kaya da ya faɗa rukunin farko a fitar masa da matakin sake oda, wato yawan da idan kaya ya sauko ya kai shi dole a aika a kawo wani. Lissafin ba baƙo ba ne. Abin da ake sayarwa a rana sau kwanakin jira tsakanin oda da isowar kaya, a ƙara ɗan abin ko-ta-kwana a kai. A aji Dakta ta yi musu misali a allo da kwana bakwai.

Kaftin, shugaban ajin kuma abokin Na-Baya tun ranar rajista, shi ya sanar a zauren ajin na waya cewa kowa ya sa kwana bakwai. Ya ce ya tari Dakta a matattakala ya tambaye ta, ta ce a yi yadda aka yi a aji. Kowa ya ji daɗi, don bayanan ciniki kawai za a roƙa a wurin masu shago, su kuwa kwamfuta ce ke tofo su. Kaftin mutum ne mai saurin hannu da saurin baki. Wani kamfanin dakon kaya ya riga ya yi masa alkawarin aiki da zarar sakamako ya fito, don haka tun kafin wasu su gama babi na biyu shi ya buga nasa ya kai an ɗinke.

Na-Baya a gidan yayarsa yake zaune, kuma shagon mijinta na kayan aikin famfo ya ɗauka. Doguwar rumfa ce mai ƙofa biyu, gaba kanta da kwamfuta, baya sito inda bututu ke jingine har rufi, ga buhunan gwiwar bututu, ga gwangwanayen gam, ga tankuna an kifa wani cikin wani. A can lungu ake jera injinan jan ruwa a kwalayensu. Su ne suka fito a saman rukunin farko, don ko ba su da yawa kowane ɗaya ya fi buhun gwiwa goma daraja.

Da ya sa kwana bakwai, lissafi ya ce a sake odar injin idan saura uku. Ya zauna yana kallon ukun nan a allon kwamfutarsa. A gidan nan yake cin abinci, ya kuma sha jin Maigida, kamar yadda kowa ke kiran mijin yayar, yana faɗa a waya cewa injinan da ya yi oda tun watan jiya har yanzu suna hanya. Kamar guda biyu ake sayarwa a mako. Idan aka jira sai saura uku, kuma motar ta yi mako shida ba ta iso ba, shagon zai yi fiye da wata ba inji ko ɗaya. Gwiwar bututu kuwa daga dila na cikin gari take zuwa, a yi waya da safe a sauke da yamma.

Ya kai maganar wurin Kaftin a ɗakin cin abinci na makaranta. Kaftin bai ko ɗaga kai daga farantinsa ba. Ya ce furojet ake yi ba shago ake buɗewa ba, Dakta hanya take son gani, kuma wanda ya je tonon abin da ba a aike shi ba shi zai kwashi ƙasa a ido.

"Ka sa bakwai ka wuce, Na-Baya. Mu arba'in da wani abu duk bakwai muka sa. Kai kaɗai ne mai ido?"

Na-Baya ya ce to. Ya koma gida ya sa bakwai, ya rubuta sakin layi biyu na sharhi, ya goge. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo, ya sake karanta takardar Dakta. "Bayanan wurin na wata goma sha biyu." Bayanan ciniki kaɗai, ko har da na oda da karɓar kaya? Takardar ba ta faɗa ba. Ya buɗe taga, ya rufe. Yaya da ke guga a falo ta ce idan zai yi ta sintiri haka ya ɗauki tsintsiya ƙafarsa ta yi amfani.

Ita ce ta ce ya tambayi malamar mana, ai ba dodo ba ce. Ya ce ba a tura wa Dakta saƙo haka kawai, sai ta hannun Kaftin. Yaya ta ce lambar da ke ƙasan takardar fa, ado aka yi da ita?

Saƙon ya ci masa rabin yini. Na farko ya yi tsawo har ya zama kamar babi. Na biyu ya karanta ya ji kamar yana gyara wa malama aikinta. Na uku gaisuwa da ban-haƙuri suka cinye tambayar. Daga ƙarshe, bayan la'asar, yana tsaye a bakin ƙofar sito, ya tura wannan:

"Barka da yamma, Dakta. Ɗalibinki ne na ajin ƙarshe, mai aiki a kan shagon kayan famfo. Ina neman ƙarin haske a kan sharaɗi na uku. Wajen fitar da matakin sake oda, kwana bakwai na misalin aji za mu sa wa kowane kaya, ko za mu ciro kwanakin jira na gaske daga takardun oda da na karɓar kaya na shagon? Na tambaya ne don a nan wani kayan yini ɗaya yake yi, wani kuma kusan mako shida. Na gode, a yi haƙuri da damuwa."

Yana turawa ya ji da ma bai tura ba. Kafin ya yanke shawarar gogewa alamar ta canja launi. An karanta.

Amsa ba ta zo ba. Ya sa wayar a aljihu, ya ciro, ya kifa ta a kan kanta, ya juya ta. Wani mai aikin famfo ya shigo neman famfon wanka, Na-Baya ya miƙa masa na kicin, Maigida ya karɓe ya ce ya je baya ya zauna kafin ya kore masa masu saye. A gida ya ci abinci wayar na gefen farantin. Duk ƙarar da ta yi sai ya duba ya ga tallan kamfanin waya ne ko wani ɗan aji yana tambayar inda ake ɗinki da sauƙi.

Washegari ma shiru. Ya shiga tunanin ko kalmar "na gaske" ce ta ɓata mata rai, kamar yana nufin nata misalin na ƙarya ne. Ya karanta wa Yaya saƙon, ta ce ita ba ta ga abin faɗa a ciki ba, sai dai "a yi haƙuri da damuwa" ɗin nan da ya sa kamar wanda ya taka mata ƙafa. Aikin kuma ya tsaya cik. Ba ya iya ci gaba da bakwai, ba ya kuma iya tayar da Maigida neman tsofaffin takardu a kan abin da watakila ba a buƙata. Ranar miƙa aiki kuwa saura ƙasa da mako uku.

Ya je ofishin Dakta ya tarar a kulle. Ya zauna a bencin baranda, ya tashi ya karanta duk sanarwar da ke jikin allo har da ta shekarar bara, ya dawo ya zauna. Sakatariyar sashe ta leƙo ta ce Dakta na taron tantance sakamako a ginin hukuma, kuma irin taron nan ba a san ranar gama shi ba balle sa'a. Ya sauko, ya kai bakin ƙofar makaranta, ya ga kamar motarta ce ta shigo, ya koma da sauri. Ba ita ba ce.

A rana ta uku ya same ta, ba a ofis ba, a wurin ajiye motoci, tana ƙoƙarin buɗe but ɗin motarta da tarin takardu a hannu ɗaya. Mace ce gajera mai saurin tafiya, tabarau a saman goshi. Ya karɓi takardun ya riƙe mata, ya gaishe ta, ya ce shi ne mai shagon famfo.

Ta ce ta ga saƙon tana cikin taro, ta ce za ta amsa in ta fito, ya shige mata. Ta ce amma tambayar ta ba ta mamaki, don amsar a fili take: daga takardun shagon za a ciro, shi ya sa aka ce a je wuri na gaske. In kwana bakwai za a sa wa komai, me ya kai mutum shago, ai sai ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro. Ta karɓi takardunta ta sa a but, ta rufe, sai ta tsaya.

"Wa ya ce maka bakwai?"

Ya ce shi dai ya ga misalin aji ne.

"Kai kaɗai, ko da wasu?"

Ya dubi tayar motar. Ya ce yana jin akwai wasu.

"Wasu nawa?"

Ya ci gaba da kallon tayar, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Ta sauko da tabaraunta, ta ciro takardar sharuɗɗan daga jaka, ta karanta layin a tsaye leɓunanta na motsi. Ta ɗan jima. Sannan ta ce layin bai fito yadda take nufi ba, wannan nata ne, za ta gyara. Ta shiga mota ta ja.

Kafin ya isa gida sanarwar ta shiga zauren ajin. Kwanakin jira na kowane kaya a rukunin farko daga takardun wurin za a ciro su, a nuna ranar oda da ranar isowa, a haɗa hoton takardun a ƙarshen aiki. Duk aikin da ya sa adadi ɗaya wa kowane kaya ba tare da hujja ba, ba za a karɓa ba. Ta ƙara mako guda a kan wa'adi, ta ce iyakar abin da sashe zai yarda ke nan. A ƙasa ta rubuta cewa tana gode wa ɗalibin da ya yi tambayar.

Ba ta ambaci suna ba, amma ba a daɗe ana nema ba. Kaftin ya san wanda ya zo masa da maganar mako shida. Bai faɗa a zaure ba, ya dai gaya wa mutum biyu, shi ke nan. Na-Baya yana cikin motar haya wayar ta fara rawa a cinyarsa ba tsayawa. Wata ta ce shekara huɗu bai yi magana ba, ashe tarawa yake. Wani ya ce manajan kantin da ya ba shi bayanai an canja masa wurin aiki, yanzu wa zai je ya roƙa. Wata mai goyo ta ce ta riga ta ɗinke kwafi uku, ta bar wa Allah. Akwai masu cewa gara yanzu da a ranar kare aiki a gaban malamai, amma muryarsu ba ta kai ta sauran ba. Kaftin kuwa suka taso shi gaba, aka yi ta maido masa da tsohon saƙonsa na "kowa ya sa bakwai". Ya rubuta cewa abin da aka gaya masa ya faɗa.

Na-Baya ya kira shi, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka katse. Ya sauka tasha ɗaya kafin tasu ya ƙarasa da ƙafa, don zaman motar ya gagare shi.

Yaya ta saurari labarin tana yanka albasa. Ta ce ciwon da aka gano da wuri shi ake yi wa magani, su yi ta zagi, bakinsu ne. Ya ce ita ba ta gane ba, Kaftin ne ya biya masa rabin karatun shekara ta biyu lokacin da ya yi jinya, a ɗakinsa ya kwana duk jarrabawar bara. Ta ce to ya je ya same shi. Ya ce da wace fuska.

Ga nasa aikin ma bai zo da sauƙi ba. Takardun karɓar kaya suna nan, a cikin kwalayen injin guda biyu a saman tankuna, an cusa su yadda suka zo, wasu gam ya manne su. Ya baje su a ƙasan sito ya yi ta warewa wata-wata, gumi na ɗiga a kai. Kowace na ɗauke da ranar da mota ta sauke kaya da sa hannun wanda ya karɓa. Ranar oda ce babu. Maigida ba ya rubuta oda, waya yake ɗauka ya kira dila, ko ya tura masa saƙon murya yana tuƙi.

Ya zauna a kan buhun gwiwa ya rasa abin yi. Rabin hujja ba hujja ba ce. Ya ɗauko waya zai rubuta wa Dakta, ya tuna abin da saƙon farko ya haifar, ya mayar. Ya zaga sito, ya dawo, ya sake ɗaukowa. A ƙarshe ya hau mota ya koma makaranta.

Wannan karon ofishin a buɗe yake, kuma cike. 'Yan ajinsu ne a tsaye har baranda, kowa da kukansa. Da suka gan shi hira ta mutu. Wani ya matsa masa hanya da irin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce a bar babban ɗalibi ya wuce. Na-Baya ya bi layi yana jin idanu a ƙeyarsa.

Dakta ta ji bayaninsa tana sa hannu a wasu takardu. Ta ce yawancin ƙananan shaguna haka suke, kuma wannan ma abin rubutawa ne. Saƙon waya mai ɗauke da rana hujja ne. Ya bi saƙonnin maigidan da dilolinsa, ya haɗa kowace oda da takardar isowarta, inda aka yi ta baki kuma babu alama ya faɗi gaskiya cewa babu, ya yi aiki da waɗanda ya samu, ya nuna mafi sauri da mafi jinkiri, don bambancin nan shi zai gaya masa yawan abin ko-ta-kwana. Ta ɗaga murya kaɗan yadda na baranda za su ji, ta ce ba cikakkun takardu take nema ba, abin da aka tarar take son gani, kuma duk wanda wurinsa ya hana shi ya zo su zauna.

Sai kuma aka zo ga wayar Maigida. Da Na-Baya ya yi masa bayani bayan cin abinci, mutumin ya dube shi kamar ya ce a ba shi makullin ɗakin kwana. Ya ce wayarsa akwai sirrin kasuwa, akwai farashin da dila ke ba shi shi kaɗai, akwai maganganun da ba na yara ba. Yaya ta ce wane irin maganganu ne ba na yara ba, ita ma tana son ji. Maigida ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce faɗa ne da direbobi. Aka daidaita a kan cewa wayar ba za ta bar hannunsa ba. Shi zai buɗe, ya karanto rana, Na-Baya ya rubuta, hoton da za a ɗauka kuma a rufe farashi da yatsa.

Haka suka yi ta yi kullum da rana in kasuwa ta lafa, a bayan kanta, ana yi ana katsewa. Maigida ya kunna saƙon murya, muryarsa ta fito tana cewa a turo inji goma, sai mai saye ya shigo, a tsaya, a dawo an manta inda aka kwana. Wani saƙon rabinsa oda ne rabinsa zagin dila. Tun yana yi da gunaguni har abin ya fara ba shi sha'awa. Da suka jera na injinan ya ga wata odar ta yi mako huɗu, wata ta kusa tara, ya riƙe haɓa ya ce shi a ransa duk wata guda ne. Ya kira dilan nan take ya hau shi da faɗa a kan jinkirin da ya wuce tun watanni, Na-Baya na zaune da biro a hannu yana jiran a dawo kan aiki.

Ajin kuwa ya watse cikin gari, kowa na bin sito da kanti. Zagin ya ragu don ba wanda ke da lokacinsa. Wasu har suka fara turo wa Na-Baya tambaya a ɓoye, yaya ya yi da odar da aka kawo rabi yau rabi wani mako. Ya amsa abin da ya sani, cewa shi ranar da kason farko ya iso da ranar da aka cika duka ya rubuta, ya bayyana wadda ya yi lissafi da ita. Labarin Kaftin a bakin wasu ya ji shi. Babban kantin da ya yi aiki a kai sun ce takardun saye ba sa fita sai da izinin hedikwata. Ya yi ta zarya har ya gaji, daga baya Dakta ta yarda ya koma wani ƙaramin kantin magani ya faro daga tushe, a cikin kwanakin da suka rage. Na-Baya ya rubuta masa cewa in yana son hannu wajen shigar da alƙaluma yana nan. Aka karanta, ba a amsa ba.

Ranar miƙa aiki sakatariya ta ce ƙarfe huɗu za ta rufe. Na-Baya ya gama gyaran ƙarshe da hantsi, ya nufi shagon buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta, ya tarar da rabin ajin a can. Inji ɗaya ke aiki, ɗayan ya ci takarda an buɗe cikinsa. Ɗakin ya yi zafi, kowa na duba agogon waya, mai shagon na ta cewa a yi haƙuri. Nasa ya fito, aka ɗinke, ya rungume kwafi uku zai fita, sai ya ga Kaftin a ƙarshen layi, ya rame, idanu sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa. A gabansa akwai mutum fiye da goma. Ana cikin haka wuta ta ɗauke.

Mai shagon ya fita tayar da janareta, ya ja igiya ya ja, ya dawo ya ce sai an kira mai gyara. Layi ya rikice. Na-Baya ya tsaya a bakin ƙofa da takardunsa a ƙirji, ya taka zai tafi, ya dawo. Ya matsa kusa da Kaftin ya ce a shagon Maigida akwai firinta da wutar sola, ɗinki kuma akwai mai yi a layin bayansu.

Kaftin bai dube shi ba. Ya ce shafi saba'in ne, sau uku.

"Tana da sauri. Taso."

Suka tari babur biyu. A shago Maigida ya ga yanayinsu bai yi tambaya ba, ya ture rasiɗansa gefe ya ba su wuri. Firintar ta rasiɗi da wasiƙa ce, ba ta saba da irin wannan ba, tana yi tana numfashi. Takarda ta ƙare a tsakiyar kwafi na biyu, Na-Baya ya ruga layin gaba ya sayo. Kaftin na tsaye yana jera shafuka a kan kwalin inji, ya sa shafi na arba'in a gaban na talatin da tara, Na-Baya ya gyara. Can Kaftin ya ce, yana kallon firintar, shi fa da gaske ya tambaye ta a matattakala. Na-Baya ya ce ya sani. Kaftin ya ce da ya gaya masa zai tura saƙon, da sun je tare, da ba a mayar da shi abin dariya ba. Na-Baya ya ce gaskiya ne, ya kamata ya gaya masa. Iyakar abin da suka ce ke nan a kai.

Mai ɗinki ya ce gam ɗin na son ya sha iska kafin a ɗauka, Kaftin ya ce ya sha a hanya. Babur ɗaya suka samu a dawowa, suka matsu a kai, kwafi shida a tsakaninsu, mai babur na ratsa cunkoso Kaftin na ce masa ya ƙara wuta. A ƙofar makaranta mai gadi ya ce babur ba ya shiga. Suka sauka suka sa gudu, suka haye matattakala, suka tarar sakatariya ta riga ta rataya jaka tana neman makulli a ciki.

Ta dube su, ta dubi agogon bango, ta ajiye jakar. Ta ce kowa ya rubuta lambarsa ya sa hannu, kuma kada wanda ya ɗiga mata gumi a tebur. Bangon kwafin Kaftin na sama ya ɗan karkace don gam bai kama ba, ta danna shi da tafin hannu ta ɗora a kan tarin.

Suka fito baranda suka zauna a benci suna haki. Kaftin ya ce tun jiya da rana bai sa komai a cikinsa ba. Na-Baya ya ce Yaya ta dafa shinkafa, in zai je. Kaftin ya ce sai dai wani lokaci, yanzu barci yake ji. Ya tashi ya sauka, yana riƙe da ƙarfen matattakala.

Dukansu sun ci jarrabawa. Kaftin ya samu aikinsa na kamfanin dako ya bar garin, suna gaisawa a waya jefi-jefi, ba kamar da ba. Na-Baya ya zauna a shagon Maigida kafin wani abu ya samu, kuma aikin farko da aka ba shi shi ne ya sauko da sauran kwalayen takardun da ke saman tankuna, na shekarun baya, ya ga abin da zai iya yi da su.